Yadda ake haɗa hotunan jirgi maras matuƙi su zama taswira, da yadda alamomin ƙasa ke tona kuskuren da ido ba ya gani

Taswirar da aka haɗa daga hotunan jirgi maras matuƙi tana iya fitowa fes, titi ya haɗu da titi, katanga ta miƙe ba karkacewa, amma duk da haka kowane abu a cikinta ya kauce daga ainihin wurinsa da mita biyu ko uku, ko kuma tsakiyar filin ya tashi sama da santimita 20 alhali a ƙasa shimfiɗe yake. Kyawun taswira a ido yana nuna cewa hotunan sun dace da junansu ne kawai. Dacewarsu da doron ƙasa wata magana ce daban, kuma ba a tabbatar da ita sai da alamomin da aka kafa a filin, aka auna su da na'urar da ta fi jirgin daidaito nesa ba kusa ba. Domin a ga yadda aikin yake tafiya, a ƙaddara wani fili mai faɗin hekta 20 a wajen Kano, tsawonsa mita 500, faɗinsa mita 400, wanda ake son yanka shi filaye tare da fitar da magudanan ruwa. Alƙaluman gwajin da za su zo a gaba na misali ne, amma lissafinsu shi ne wanda ake yi a kowane aiki.

Abu na farko da ake tsayarwa kafin jirgi ya tashi shi ne girman ƙasar da ɗigo ɗaya na hoto zai wakilta, wanda manhajoji ke rubutawa GSD. Wannan adadi shi ne mizanin da ake auna sauran abubuwa da shi, kuma ana samo shi daga faɗin farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, da nisan gilashin kyamara daga farantin, da tsayin da jirgi ya tashi, da yawan ɗigogin da ke jere a faɗin hoto. Kyamarar DJI Phantom 4 Pro, wadda aka daɗe ana wannan aiki da ita, farantinta milimita 13.2 ne a faɗi, nisan gilashinta milimita 8.8, faɗin hotonta kuma ɗigo 5472. Idan jirgin ya tashi mita 100, ga abin da zai fito:

```
GSD = (13.2 × 100) / (8.8 × 5472) = 0.0274 m
```

Kowane ɗigo ke nan yana ɗauke da santimita 2.74 na ƙasa, hoto ɗaya kuma yana rufe mita 150 a faɗi da mita 100 a tsawo. Sai dai mutane da yawa suna ɗaukar wannan adadi a matsayin daidaiton taswira, har a ji mai aiki yana cewa taswirarsa ta santimita uku ce, alhali abin da adadin yake faɗa shi ne ƙanƙantar abin da za a iya gani, bai ce komai ba game da ko abin yana inda ya kamata ya kasance.

Ana tsara tafiyar jirgin ta yadda hotuna za su hau kan juna sosai, yawanci kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari tsakanin hoto da wanda ke binsa a layi ɗaya, da kashi 60 zuwa 70 tsakanin layi da layin da ke maƙwabtaka da shi. A filinmu, kashi 80 na nufin ɗaukar hoto a kowace mita 20, kashi 70 kuma na nufin tazarar mita 45 tsakanin layuka, wanda zai ba da hotuna sama da 300 idan aka haɗa da ɗan wucewar da ake yi a bayan iyakar fili. Wanda bai san aikin ba zai ga kamar ɓarnar batir ce a ɗauki wuri ɗaya sau goma sha. Dalilin shi ne hoto ɗaya ba ya faɗin nisan abu daga kyamara, yana nuna shiyyar da abin yake ne kawai. Sai an ga dutse ɗaya daga wurare daban-daban sannan layukan da suka taso daga kowace kyamara za su haɗu a kansa, mahaɗarsu kuwa ita ce matsayinsa a gabas da arewa da tsayi.

Manhajojin da ake amfani da su, irin su Agisoft Metashape da Pix4D da OpenDroneMap, hanya ɗaya suke bi a jimlace. Suna fara tsince dubban tabo masu kama ta musamman a kowane hoto, kamar kusurwar bulo ko bakin rami ko tsinin inuwar dutse, ta hanyoyin lissafi irin SIFT da David Lowe ya fito da ita a 1999. Daga nan sai su nemi tabo ɗaya a hotuna masu maƙwabtaka, su ɗaure su. Mataki na uku shi ne zuciyar aikin: manhaja tana warware abubuwa uku a lokaci guda, wato inda kyamara take da yadda ta karkata a lokacin kowane hoto, da matsayin kowane tabo a ƙasa, da kuma halin gilashin kyamarar kanta, musamman yadda yake lanƙwasa haske a gefen hoto. Tana ta juya waɗannan adadi har sai saɓanin da ke tsakaninsu ya ragu iyakar raguwa. Bayan haka ne ake cike tsakanin tabon da miliyoyin ɗigogi, a gina samfurin tudu da kwarin filin, sannan a shimfiɗa hotunan a kansa a gyara karkatarsu, ta yadda kowane wuri zai zama kamar daga samansa tsaye aka kalle shi. Abin da mutane ke kira ɗinke hotuna shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi sauƙi. Inda babu tabon da za a kama, kamar saman ruwa ko rairayi mai sumul ko gonar da iska ke kaɗa ganyenta, a nan ne haɗin yake raunana, haka ma ranar da hazon hunturu ya dusashe hoto.

Samfurin da ya fito yana da siffa, amma yana buƙatar a gaya masa girmansa da inda yake a duniya. Idan ba a ba shi komai ba, yana dogara ne da matsayin da GPS ɗin jirgi ya rubuta a jikin kowane hoto, GPS na ƙananan jirage kuwa yana kuskure da mita ɗaya zuwa 'yan mitoci a kwance, a tsayi ma ya fi haka. Don kallon gona ko nuna ci gaban gini wannan ya wadatar. Don yanka fili ko fitar da gangaren magudanar ruwa bai wadatar ba ko kusa.

Alamar ƙasa abu ce mai sauƙi: falle na leda mai kauri ko allo, kimanin santimita 60 a kowane gefe, an raba shi gida huɗu baƙi da fari ta yadda mahaɗar gidajen za ta fito sarai. A tsayin mita 100 wannan alama za ta ci ɗigo kusan 22 a faɗi, wanda ya isa a gane tsakiyarta ba tare da kintace ba. Ana kafe ta da ƙusa a fili mai shimfiɗa, nesa da bishiya da katanga, kuma gara fari mai dushu-dushu da mai ƙyalli, domin a ranar tsaka fari mai ƙyalli yakan cinye gefen baƙin a hoto har tsakiya ta ɓace. Safiyo yana ɗora sandar na'urarsa ta RTK, wato GPS mai gyara awonsa daga wata tasha da aka girke a gefen fili, a daidai tsakiyar, ya tabbatar kumfar sandar ta zauna, ya ɗauki awo wanda kuskurensa yakan tsaya a santimita ɗaya zuwa biyu a kwance, biyu zuwa uku a tsayi. Bayan an sauke hotuna, sai mai aiki ya buɗe waɗanda alamar ta fito a cikinsu, ya danna tsakiyarta a hotuna uku aƙalla, biyar zuwa takwas sun fi. A OpenDroneMap ana rubuta wannan a fayil mai suna `gcp_list.txt`, layin farko yana faɗin tsarin awo, sauran layukan kuma suna ɗauke da gabas, arewa, tsayi, matsayin alamar a cikin hoto, sunan hoton da sunan alamar:

```
EPSG:32632
445512.34 1326480.12 481.27 2710 1502 DJI_0087.JPG A1
445512.34 1326480.12 481.27 2688 2231 DJI_0088.JPG A1
```

Lambar da ke sama tana nufin tsarin awo na WGS 84 a shiyya ta 32 ta UTM, tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya, kuma Kano tana cikin wannan shiyya. Sakkwato tana shiyya ta 31, Maiduguri kuma ta 33, kuma wanda ya saka lambar da ba ta wurinsa ba zai tarar da taswirarsa ta faɗa ɗaruruwan kilomitoci daga filin.

Yanzu ga inda mafi yawan ruɗani yake. Alamomin da aka kafa aiki biyu suke yi, kuma alama ɗaya ba ta iya yin duka biyun. Kashi na farko alamomin ɗauri ne, waɗanda ake bai wa manhaja domin ta ja samfurin ta zaunar da shi a kansu. Kashi na biyu alamomin gwaji ne, waɗanda ake dannawa a hotuna kamar sauran, amma a hana manhaja amfani da awonsu wajen lissafi, sai bayan ta gama a kwatanta inda ta ce suke da inda safiyo ya same su. A Metashape cire alamar zaɓi daga gaban sunan alama shi ne yake mayar da ita ta gwaji, a Pix4D kuma ana sauya nau'inta zuwa Check Point. Manhaja tana fitar da kuskure ga kashi biyun, amma kuskuren alamomin ɗauri kusan kullum ƙarami ne, tunda aikin da aka ɗora mata shi ne ta ƙanƙantar da shi, kuma za ta iya lanƙwasa samfurin a wani wuri domin ta biya wannan buƙata. Rahoton da ya nuna kuskuren alamomin ɗauri kaɗai, a ganina, bai ce komai ba game da daidaiton taswira, ko da adadin da ke cikinsa ya burge.

A filinmu an kafa alamomi goma: huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, biyar kuma a warwatse a tsakaninsu domin gwaji. A ce a zagaye na farko an ɗaure samfurin da na kusurwoyi huɗu kawai, kamar yadda wasu ke yi don gudun tafiya cikin fili. Rahoto ya nuna kuskuren alamomin ɗauri bai wuce santimita ɗaya ba, kuma a kwance alamomin gwaji ma sun fito da kyau, kimanin santimita uku. A tsayi kuwa, bambancin taswira da awon safiyo a santimita ya kasance +4 da +6 da +5 a alamomi uku da ke kusa da gefe, +15 a wadda ta ɗan shiga ciki, +21 a wadda ta fi kusa da tsakiya. Ana taƙaita irin wannan jerin da adadi ɗaya da ake rubutawa RMSE, wato a ninka kowane kuskure da kansa, a tara, a raba da yawansu, sannan a ɗauki tushen murabba'i:

```
RMSE = √((16 + 36 + 25 + 225 + 441) / 5) = 12.2 cm
```

Santimita 12.2 ya ninka GSD fiye da sau huɗu, alhali abin da masu aikin suka saba tsammani daga aiki mai kyau shi ne ninki ɗaya zuwa biyu a kwance, biyu zuwa uku a tsayi. Amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne tsarin da kuskuren ya bi. Duka biyar sun karkata gefe ɗaya, kuma suna ƙaruwa daga baki zuwa tsakiya. Kuskuren da ya zo bisa tsautsayi yakan watsu, wani sama wani ƙasa, wannan kuwa yana da siffa, samfurin ya kumbura a tsakiya kamar ƙwaryar da aka kife.

Sanannen ciwo ne a wannan fanni, kuma Mike James da Stuart Robson sun yi bayanin asalinsa a wani bincike da suka wallafa a 2014. An riga an faɗi cewa manhaja tana ƙiyasta lanƙwasar gilashin kyamara a daidai lokacin da take ƙiyasta siffar ƙasa. Idan duk hotunan ƙasa suke kallo tsaye, daga tsayi ɗaya, a kan fili shimfiɗaɗɗe, to lissafi ba ya iya bambance ɗan kuskure a lanƙwasar gilashi da ɗan lanƙwasa a ƙasar kanta, domin duka biyun suna dacewa da hotunan daidai wa daida. Kuskuren da ba a iya gani a hoto ɗaya yana taruwa daga hoto zuwa hoto har ya zama tudu a tsakiyar fili, wani lokaci kuma kwari. Alamomin kusurwa suna riƙe bakin samfurin ne kawai, tsakiya a sake take. Shi ya sa filayen da suka fi sauƙin tashi da jirgi, wato shimfiɗaɗɗu irin namu, su ne suka fi faɗawa wannan matsala.

Illar a aikace ba ƙarama ba ce. Matsakaicin kuskuren a misalinmu kusan santimita 10 ne, kuma idan aka shimfiɗa shi a kan murabba'in mita 200,000 zai ba da kubik mita 20,000 na ƙasar da babu ita, wadda ɗan kwangila zai iya saka kuɗin kwashe ta a lissafi. Ga magudanar ruwa kuma, mai gangaren santimita 20 a kowace mita 100, kumburin da ya kai santimita 20 a cikin mita 200 ya cinye rabin gangaren a gefe ɗaya, ya ƙara rabi a ɗaya gefen.

Magani biyu ne, kuma an fi so a haɗa su. Na farko shi ne a saka alamar tsakiya cikin alamomin ɗauri. Na biyu shi ne a ƙara wasu layukan tafiya da suka gitta na farko, kyamara a karkace da digiri 10 zuwa 20 daga tsaye, ko kuma daga wani tsayi daban, domin hotunan da ke kallon wuri ɗaya daga kusurwoyi mabambanta suna tilasta wa lissafi ya raba halin gilashi da siffar ƙasa. A ce an yi haka, aka sake lissafi, alamomin gwaji biyar ɗin nan suka ba da +3, −4, −4, −2 da +5. Yanzu RMSE ya sauko santimita 3.7, matsakaicinsu ya kusa sifili, kuma babu wani tsari a yadda suka watsu. Abin lura shi ne ba a taɓa alamomin gwajin ba. Akwai jarabar a ɗauki wadda ta nuna +21 a mayar da ita ta ɗauri, kuskurenta ya ɓace nan take, amma duk alamar da aka yi wa haka ta fita daga sahun gwaji, ba a sake ƙirga ta a cikin RMSE.

Sauran kurakurai ma kowanne da kamanninsa. Idan alama ɗaya ce tak ta yi nisa da sauran, a fara zargin hannu: ko an danna kusurwar da ba ita ba, ko an musanya sunayen alamomi biyu, ko dabba ko yaro ya ja ledar tsakanin awo da tashin jirgi, ko an rubuta tsayin sanda ba daidai ba. Ana komawa hotunan a duba, kuma ba a share alama don kawai ta ɓata adadi sai an gano dalilin. Idan kuskure yana ƙaruwa daga wannan gefe zuwa wancan, samfurin ya jirkice ne, kuma galibi alamomin ɗauri sun jeru a layi ɗaya, misali a bakin titi, ba abin da ya riƙe ɓangarorin biyu. Idan kuma ya yi yawa a bayan da'irar da alamomin ɗauri suka kewaye, wannan abin tsammani ne, shi ya sa ake kafa su a bakin iyakar aikin, a kuma bar jirgi ya wuce su da layi ɗaya ko biyu domin su fito a hotuna da yawa.

Kuskuren da duk alamomi suka tafi shiyya ɗaya da adadi ɗaya, galibi asalinsa tsarin awo ne. Tsofaffin takardun filaye da turakun safiyo a Najeriya suna kan tsarin Minna, GPS kuma yana kan WGS 84, tsakaninsu kuwa akwai tazarar gomman mitoci. A tsayi ma, abin da GPS ke bayarwa kai tsaye ya bambanta da tsayi daga matakin teku da kimanin mita 20 a ƙasar nan. Wannan ya fi fitowa a jiragen da ke ɗauke da RTK a jikinsu, waɗanda ke rubuta matsayin kowane hoto da daidaiton santimita. Irin waɗannan jirage sun rage buƙatar alamomin ɗauri ƙwarai, amma ba su rage buƙatar alamomin gwaji ba, domin ɗan kuskure a ƙiyasin nisan gilashi yakan ɗaga samfurin gaba ɗaya ko ya sauke shi da 'yan santimitoci, kuma babu abin da zai nuna haka daga sama.

Akwai kuma kuskuren da alamomin gwaji da kansu ba sa gani. Na'urar RTK tana auna komai ne daga tashar da aka girke a gefen fili. Idan matsayin da aka bai wa tashar ya kauce da mita ɗaya, to alamomin ɗauri da na gwaji duka sun kauce tare, RMSE zai fito santimita uku, taswira kuma ta hau kan filin maƙwabci da mita ɗaya. Abin da ke kama wannan shi ne a auna wata turakar safiyo da aka riga aka san matsayinta, kafin fara aiki da kuma bayan gamawa, a ga ko na'urar ta dawo da adadin da ke rubuce.

Alamomin gwaji biyar sun isa su tona kumburi ko jirkicewa, amma sun yi kaɗan a gina da'awar daidaito a kansu, tunda ɗaya daga cikinsu tana iya juya adadin yadda ta so. Ƙa'idar ƙungiyar ASPRS ta masana wannan fanni a Amurka, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ta nemi aƙalla 20 a bugun 2014, sannan ta ɗaga zuwa 30 a bugu na biyu na 2023, ta kuma ce a saka kuskuren awon alamomin kansu cikin lissafi. A ƙaramin aiki ba kullum ake kai wannan adadi ba, amma ana iya ƙara yawan wuraren gwaji ba tare da ƙarin leda ba, ta hanyar auna abubuwan da ke fitowa sarai a hoto, kamar kusurwar kwalbati ko bakin daɓen siminti. Kuma duk adadin da aka samu, na irin wurin da aka kafa alamomin ne, wato buɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri. A cikin dogon ciyayi ko gonar dawa kyamara saman ganye take gani, don haka tsayin da ta bayar na ganyen ne, a ƙarƙashin bishiya ko inuwar katanga kuma manhaja cike giɓi take yi da kintace. Idan magudanar ruwan za ta ratsa irin waɗannan wurare, sai safiyo ya bi layinta da sanda ya ɗauki tsayin ƙasa kai tsaye, a rubuta kuskuren wannan yanki daban da na buɗaɗɗen fili.